Buhu Na Sha Biyu: Lacca A Kan "Aƙalla" Da "Kada Ya Wuce"

 

Shugaban taro, malamaina da abokan aikina masu koyar da lissafi, iyayenmu da suka halarta, da ku ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa. An ba ni lokaci in yi magana a kan kalmomi biyu da muke furtawa kullum a gida da kasuwa, waɗanda kuma suke kayar da yaranmu a takardar jarrabawa. Ɗaya ita ce "aƙalla", wato mafi ƙarancin abin da za a karɓa. Ɗayar ita ce "kada ya wuce", wato iyakar abin da aka yarda da shi. Zan bi ta hanyar wani ɗan gajeren labari da na tsara domin wannan zama. Mutanen cikinsa ƙirƙira ne, amma buhunan da lissafin irin waɗanda kuka saba gani ne.

Wani saurayi ne a wani ƙauye, autan gidansu, don haka kowa Auta yake kiransa. A shekarar da nake magana ciwon ƙafa ya kwantar da mahaifinsa, sai ɗawainiyar gona ta faɗo kan yaron tun daga shuka har girbi. Allah ya ba da damina mai albarka. Aka yanke dawa, aka sussuke, aka sheƙe, aka ɗura, Auta ya ƙirga buhu 30 cif. Gonar ruwan sama take sha, saboda haka zakkarta ɗaya bisa goma ce. Aka ware buhu 3 aka ba masu haƙƙi, saura 27.

Da dare ya shiga ɗakin mahaifinsa ya gaishe shi, ya faɗa masa adadin. Tsohon ya yi hamdala, sannan ya ce, "Auta, gidan nan buhu ɗaya muke ci a wata. Duk abin da za ka sayar, ka bar mana aƙalla buhu 12 har wata kakar." Auta ya ce, "To, Baba."

Washegari ya tafi wurin wani Alhaji da ke sayen hatsi yana kaiwa kasuwar Dawanau a Kano. Alhajin ya ce, "Yaro, ni ba na sayen tsinta-tsinta. In kana son farashin sari, ka kawo aƙalla buhu 15." Daga nan Auta ya nemi direban da zai ɗauki kayan daga bakin titi. Direban ya ce, "Motata iyakarta buhu 20, ko ɗaya ba na ƙarawa."

Auta ya koma gida ya zauna a bakin rumbu yana lissafi da yatsa a ƙasa. A ganinsa, tunda Baba ya ce aƙalla 12, to 12 ba ta isa ba, sai 13. Tunda Alhaji ya ce aƙalla 15, sai ya kai 16. Ya haɗa 13 da 16 ya sami 29, alhali 27 gare shi. Ga kuma maganar direba, wadda ya ɗauka cewa sai ya cika motar da buhu 20 kafin a tashi. Hankalinsa ya tashi. Har ya fara tunanin zuwa wurin baffansa ya ranto buhu 2 don ya cike.

Mahaifiyarsa na gefe tana tankaɗe, ta ga yaron ya yi tagumi. Ta ce, "Auta, lafiya?" Ya zayyana mata. Inna ba ta yi makarantar boko ba, amma ita ke auna tsabar gidan shekara da shekaru. Ta ce ya tsinto mata tsakuwa 27. Ta ja layi a ƙasa, ta riƙa tura tsakuwa ɗaya bayan ɗaya zuwa ƙetaren layin, tana kiran watanni, har ta tura 12. Sai ta ce, "Wane wata ne bai sami buhunsa ba?" Ya duba ya ce, "Babu, Inna." Ta ce, "To Babanka me ya nema da ya wuce haka? In ka bar 13 ya ji daɗi, in ka bar 12 ka cika umarni. Ranar da ka bar 11 ce za ka yi laifi. Yanzu ƙirga abin da ya rage." Ya ƙirga, 15. Ta ce, "Alhajin nawa ya ce?" Auta ya yi shiru, sannan ya yi murmushi. Game da direba kuwa ta ce masa, "Shi tsoron nauyi yake yi. Ko buhu 5 ka ba shi zai tafi, in dai kun daidaita kuɗin mota."

Mu dakata a nan, domin kurakurai biyu Auta ya yi, kuma ba iri ɗaya ba ne.

Na farko, ya fitar da lambar kan iyaka daga cikin abin da aka yarda da shi. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma a kansa nake so in daɗe. Idan aka ce aƙalla 12, ana nufin 12 ɗin kanta da duk abin da ya yi sama: 12, 13, 14, haka har inda ƙarfi ya kai. Idan aka ce fiye da 12, an cire ita 12 ɗin, ƙirga ya fara daga 13. Tsakanin maganganun biyu buhu ɗaya ne kacal, amma kun ga yadda buhu ɗaya nan, buhu ɗaya can, ya kusa jefa yaro cikin bashi. Haka abin yake a ɗaya ɓangaren. "Kada ya wuce 20" ya haɗa da 20. "Ƙasa da 20" ya tsaya a 19. A rubuce, idan harafin g shi ne buhunan da aka bari a gida, s kuma waɗanda aka sayar, ga yadda sharuɗɗan uku suke:

g ≥ 12
s ≥ 15
s ≤ 20

Ɗan layin da ke ƙarƙashin alamar shi ne yake cewa lambar kanta tana ciki. Alamomin da ba su da shi, wato > da <, sun fara bayyana ne a littafin wani Bature masanin lissafi, Thomas Harriot, wanda aka buga a 1631 bayan rasuwarsa. Amma tun kafin haka mutane suna ma'amala da wannan iyaka. Ku duba nisabin zakkar hatsi da muka taso muka tarar: wusuƙi 5, kowane wusuƙi sa'i 60, jimla sa'i 300. Malamai ba su ce sai amfanin gona ya haura nisabi ba. Da ya kai, zakka ta wajaba. Mai sa'i 300 daidai yana ciki, mai 299 ba ya ciki. Haka dokar zaɓe a Nijeriya: wanda ya cika shekara 18 ya isa yin rajistar zaɓe, ba sai ya shiga 19 ba. Yaron da ya san waɗannan biyun ya riga ya san ma'anar alamar ≥, sai dai ba a taɓa nuna masa cewa abu ɗaya ba ne.

Kuskure na biyu shi ne ya mayar da iyaka ta zama adadin da dole a cika. Direba ya ce iyakarsa 20, Auta ya ji kamar an ce sai 20. Kowace ɗaya daga cikin kalmomin nan gefe ɗaya kawai take toshewa, ta bar ɗaya gefen a buɗe. "Aƙalla" tana toshe ƙasa, ba ruwanta da sama. "Kada ya wuce" tana toshe sama, ba ruwanta da ƙasa, har zuwa sifili. Motar da ta tafi babu komai a cikinta ba ta karya ƙa'idar direba ba. Na lura wannan yana ba ɗalibai mamaki, kuma yana da kyau malami ya tsaya a kai, ya tambaye su: wanda aka ce kada ya ci fiye da ƙosai 3, bai ci ko ɗaya ba, ya saɓa? Su yi gardama a tsakaninsu har su gano da kansu.

Yanzu ga wurin da ni a ganina ya fi daɗi a cikin labarin. Baba ya yi magana a kan abin da za a bari, bai ambaci abin da za a sayar ba. Amma da Inna ta tura tsakuwa 12 ƙetaren layi, maganarsa ta juye. Cewa a bar aƙalla 12 daga cikin 27 daidai yake da cewa kada a sayar da fiye da 15. Dalilin a fili yake: jimlar ba ta motsi, don haka duk buhun da ya ƙaru a wannan gefe ya ragu ne a wancan. A rubuce, g = 27 − s. Idan 27 − s ≥ 12, to s ≤ 15. Ku lura bakin alamar ya juya. A aji muna gaya wa yara cewa idan aka ninka ko aka raba da lamba mai alamar ragi, sai a juya alamar, su kuma su haddace ba tare da sanin dalili ba, bayan mako biyu su manta. Yaron da ya tura tsakuwa da hannunsa ya ga dalilin: mafi ƙarancin abin da ya zauna shi ke yanke mafi yawan abin da zai fita.

To sai sharuɗɗan suka zama s ≥ 15 daga Alhaji, s ≤ 15 daga Baba, s ≤ 20 daga direba. Lamba ɗaya ce tak ta cika ukun, ita ce 15. Abin da bai gaza 15 ba kuma bai wuce 15 ba, 15 ne daidai. Ita kuwa iyakar direba ba ta yi aiki ba a wannan shekara, domin ta Baba ta fi ta matsi. Duk inda iyakokin sama biyu suka haɗu, ƙaramar ce ke mulki. Duk inda na ƙasa biyu suka haɗu, babbar ce.

Ina roƙon malamai kada su tsaya a kan amsar 15. Ku canja yawan girbin ku ga yadda amsar take sauyawa. Da buhu 30 suka rage bayan zakka, Auta zai iya sayar da har 18, sai zaɓinsa ya zama 15, 16, 17 ko 18. Zaɓi 4 ke nan. Yara da yawa za su cire 15 daga 18 su ce 3, saboda sun manta bakin biyu duk suna ciki. Da 40 suka rage, maganar Baba za ta bar shi ya sayar da 28, amma mota ta tsayar da shi a 20, nan iyakar direba ta farka. Da kuwa 26 suka rage, iyakar abin da zai sayar 14 ne, Alhaji yana neman aƙalla 15, babu wata lamba da za ta gamsar da su biyun. Wannan ma amsa ce cikakkiya, kuma manomin da ya gane haka da wuri zai nemi wani mai saye ko ya haɗa kaya da maƙwabci, maimakon ya taɓa abincin gida.

Mu koma ga Auta, don bai gama ba. Tsakanin ƙauyensu da bakin titi akwai tafiya, sai da amalanken shanu. Mai amalanke ya ce shanunsa ba sa jan fiye da buhu 7 a sawu ɗaya. Auta ya raba 15 da 7, ya sami 2 da ɗan ragowa. Ya tuna a makaranta an ce ragowar da ba ta kai rabi ba zubar da ita ake yi, sai ya yi ciniki a kan sawu 2. Aka kai 7, aka dawo aka kai 7, ga buhu ɗaya zaune a ƙofar gida. Kuma ba buhun da za a yafe ba ne, domin in babu shi kayan sun zama 14, farashin sari ya kuɓuce. Dole aka ƙara sawu na uku saboda buhu guda. Mai amalanke ya ce masa, "Ɗan samari, da ka tambaye ni, da na ce maka sawu 3 ne, mu ɗora biyar-biyar shanu su huta."

Ƙa'idar da ke nan ita ce, idan tambaya tana neman mafi ƙarancin abin da zai wadatar, ragowa komai ƙanƙantarta sama take tura amsa. Idan tana neman mafi yawan abin da zai samu, ragowa komai girmanta faɗuwa take yi. Ga misali ɗaya da ya haɗa biyun. A kasuwanninmu ana yawan lissafa buhu a kan kwano 40. Mutum ya auna tsaba kwano 490. In ya raba da 40 zai sami 12 da ragowar kwano 10. Cikakkun buhuna nawa zai iya kaiwa kasuwa? Ba za su wuce 12 ba. Buhunan ɗuri nawa zai saya don kada tsaba ta kwana a ƙasa? Aƙalla 13. Rabawa ɗaya ce, amsa biyu, kuma kalmar da ke cikin tambayar ce ta bambanta su.

Kada wani ya ɗauka wannan maganar yara ce. Dattawan da ke zauren nan sun tuna zaɓen shugaban ƙasa na 1979. Doka ta ce wanda zai ci sai ya fi kowa ƙuri'a, sannan ya sami abin da bai gaza kashi ɗaya bisa huɗu ba a aƙalla kashi biyu bisa uku na jihohi. Jihohi 19 ne a lokacin, kuma biyu bisa ukun 19 shi ne 12 da biyu bisa uku. Alhaji Shehu Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, a Kano kuma ya sami kusan kashi 20 cikin 100. Cif Obafemi Awolowo ya kai ƙara yana cewa jiha ba ta gutsuruwa, don haka ana bukatar 13. Ɗaya ɓangaren ya ce a auna biyu bisa ukun ƙuri'un jiha ta 13, a nemi rubu'insu. Kotun Ƙoli ta tabbatar da nasarar Shagari da rinjayen alƙalai a watan Satumba na 1979. Ban kawo wannan don in sake shari'a ba. Na kawo shi ne don ku ga cewa tambayar da ta tsayar da ƙasa baki ɗaya ita ce tambayar amalanken Auta: abin da ake ƙirgawa yana gutsuruwa ko ba ya gutsuruwa? Yau da jihohi suke 36, biyu bisa uku 24 ne cif, babu ragowa.

Wannan tambayar ta kai mu ga abu na ƙarshe da ya faru a bakin titi. Auta na tsaye ana loda kayansa, sai ga wani manomi ya zo da buhu 14 da wani buhu da bai cika ba. Yaran Alhaji suka auna, suka sami kwano 39 a ciki. Alhaji ya ce bai kai ba, sai dai farashin ɗai-ɗai. Auta ya buɗe ƙullin guzurin tsabar da Inna ta ba shi ya kai wa yayarsa, ya ara wa mutumin kwano ɗaya, buhun ya cika, aka saya a farashin sari.

Abin lura a nan shi ne kishiyar "aƙalla 15". Ɗalibai da yawa za su ce kishiyarta ita ce "bai wuce 15 ba". Ba haka ba ne, domin mai buhu 15 daidai ya cika maganganun biyu a lokaci guda, kuma abu ba ya haɗuwa da kishiyarsa. Kishiyar s ≥ 15 ita ce s < 15, wato ƙasa da 15. Idan cikakkun buhuna kaɗai ake ƙirgawa, ƙasa da 15 daidai yake da "bai wuce 14 ba", tunda babu komai tsakanin 14 da 15. Amma da zarar an shigo da kwano, ko an ɗora a sikeli, tsakanin ya cika da adadi. Mutumin nan ya wuce 14, kuma bai kai 15 ba. Don haka kafin yaro ya musanya "ƙasa da 15" da "14 zuwa ƙasa", sai ya tabbatar abin da ke gabansa ƙirga shi ake yi, kamar mutane da awaki da sawun amalanke, ba aunawa ba, kamar nauyi da tsawo da lokaci. Waɗanda za su zauna jarrabawar WAEC ko NECO za su sake haɗuwa da wannan a darasin yiwuwar aukuwar abu, inda hanya mafi sauƙi ta gano yiwuwar "aƙalla ɗaya" ita ce a lissafa yiwuwar "babu ko ɗaya" a cire ta daga 1. Wanda bai san kishiya daidai ba, a nan zai ɓata.

Ta yaya malami zai gane ɗalibi ya fahimta? Kada ka tambaye shi lambar da ke nesa da iyaka. In ka ce aƙalla 12, sannan ka tambaya ko 20 ta yi, kowa zai ce ta yi, har wanda bai gane komai ba. Ka tambayi lambobi uku da ke manne da juna: 11, 12, 13. Wanda ya ce 12 ba ta yi ba, kuskuren Auta na farko gare shi. Wanda ya ce 13 ba ta yi ba, na biyun ne. Wanda ya ce 11 ta yi, ya juya gefen ne gaba ɗaya. Cikin minti biyu ka san ciwon kowane yaro, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Ra'ayina, kuma na tsaya a kansa, shi ne muna saurin kai yara ga alama. Muna zana ≥ da ≤ a allo, mu ce su haddace inda baki ya buɗe, alhali ba su taɓa yanke hukunci a kan buhu na 12 da bakinsu ba. Ina roƙon kowane malami da ke nan, a darasinsa na gaba a kan wannan babi, ya shiga aji da tsakuwa ko ƙwayar wake 27, ya ja layi a ƙasa, ya ba yara sharaɗin Baba da na Alhaji da na direba da Hausa, ya bar su su yi ta turawa har su sami 15. Bayan nan ya rage tsakuwa ɗaya ya ga ko za su gane babu mafita. Sai sun yi wannan sannan a ɗauki alli. Ku kuma iyaye, lokacin kaka in ana ɗurin hatsi, ku ba yaro lissafin ya riƙe, ku tambaye shi buhu nawa za a iya fitarwa ba tare da an taɓa na gida ba.

 Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa wa yaranmu fahimta.